Gorar Ruwa a Cinyar Hamajoda

Ranar da aka kawo Hamajoda asibitinmu, zafin garin Garwa ya kai inda ya kai. Ƙarshen watan uku ne, kogin Binuwai ya ja baya sai yashi, kujerun ƙarfen da ke baranda ba sa zaunuwa tun hantsi. Shekarata ta goma sha tara ke nan ina tura gadon marasa lafiya, idan kuma aka kawo mutumin daji da ba ya jin Faransanci, ni ake kira in yi tafinta.

Tare muka yi kiwo da Hamajoda muna yara, can wajen Adumri. Ni na gudo birni, shi ya tsaya da sanda. Shekara hamsin yana bin shanu, rani ya gangara kudu, damina ya dawo. Mutum ne siriri, mai ƙarancin magana, ban taɓa jin ya ce ya gaji ba. Ya aurar da 'ya'ya mata huɗu, kuma mijin babbar, Giɗaɗo, shi ya rako shi ranar.

"Njidda, har yanzu kana tura mutane? Shanu sun ƙi ka, ka koma kiwon majinyata," in ji Hamajoda da ya gan ni.

"Hamma, ga shi kai ma ka shigo garken nawa," na ce. Ya girme ni, shi ya sa nake ce masa Hamma, wato yaya.

Ciwo ne a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Likita ya rubuta a yi masa hoton sikana, injin nan mai kama da bakin rijiya da ake shigar da mutum a kwance, ya ce kuma da allurar ruwan hoto.

Mai kula da injin wata 'yar ƙabilar Tupuri ce, Madam Maipa. Na sha jin bayaninta har na haddace. Ruwan yana ɗauke da sinadarin aidin, hasken injin kuma ba ya ratsa aidin da sauƙi. Idan aka zuba shi a jijiya ya bi jini, duk inda jini ya kai sai ya fito fari a hoto, inda bai kai ba ya zauna duhu, ta haka likita ke raba ƙari da ƙurji da lafiyayyen nama. In ya gama aikinsa, ƙoda ce ke tace shi ya fita ta fitsari, kusan duka cikin yini guda. Lafiyayyar ƙoda ba ta damuwa. Wadda ta riga ta raunana, ko ta mutumin da jikinsa ya bushe, ita ce ruwan kan iya yi wa nauyi. Shi ya sa ake gwada jini tukuna, a ga yadda ƙodar ke tacewa.

Giɗaɗo ya miƙa takardar gwajin da aka yi kwana goma da suka wuce. Madam ta duba, ta ce ƙodar ba ta saurayi ba ce, amma za ta ɗauka, in dai babu abin da ya sauya tun ranar.

Ta juyo gare ni ta ce, "Bappa Njidda, tambaye shi. An taɓa yi masa wannan allura jikinsa ya yi borin jini ko numfashi ya ɗauke? Yana da asma? Maƙoƙo? Ciwon sukari? Hawan jini?"

Na tambaya ɗaya bayan ɗaya. Hamajoda ya dubi ƙasa ya ce babu.

"Kwanan nan ya yi amai ko gudawa? Yana shan ƙwayoyin ciwon jiki na 'yan talla? Yana shan ruwa sosai?"

Giɗaɗo na durƙushe a bakin ƙofa, riƙe da takalman surukinsa.

"Lafiya lau," in ji Hamajoda.

Na juya na faɗa wa Madam da Faransanci cewa lafiya lau.

A nan na yi kuskurena. Ni Bafulatani ne, na san dattijo irin Hamajoda ba zai ambaci gudawa a gaban mijin 'yarsa ba ko da za a yanka shi. Na san ba ya ci, ba ya sha a gabansa. Na ga leɓunansa sun tsage, na ga idonsa ya faɗa. Abin da ya kamata in yi bai fi in ce, "Giɗaɗo, je ka sayo mana goro," in sake tambaya ba. Amma mutum bakwai ke jira a baranda, kuma ni ma kunyar ta kama ni, in tsare yayana da zancen bayan gida.

Aka sa masa allura a hannu. Madam ta ce in gaya masa zai ji ɗumi ya ratsa shi, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, har ya ji kamar fitsari ya kuɓuce masa, kada ya ji tsoro, ba fitsari ba ne. Da ya fito ya ce mini a hankali, "Matar nan ta dafa ni daga ciki." Hoton ya yi kyau. Ƙurji ne a hanta, likita ya rubuta magani ya ce a dawo bayan mako.

Madam ta ba shi babbar gorar ruwa. "Baba, ka shanye wannan, ka ƙara wata, yau da gobe. Ban da ƙwayoyin ciwon jiki. In fitsari ya ragu, a dawo da kai nan take."

Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ɗora ta a cinya. Na raka su har bakin titi. Gorar a rufe take.

Bayan kwana huɗu aka dawo da shi, ƙafafu a kumbure, fitsari bai cika kofin shayi ba. Wannan karon 'yarsa Dudu ce ta zo, ita ta faɗi komai. Kwana uku ya yi yana gudawa kafin tafiyar. Shekara biyu yana shan maganin sukari a ɓoye, irin wanda Madam kan ce a dakatar kwana biyu in ƙoda na da rauni. Ƙwayoyin ciwo kuwa huɗu huɗu yake haɗiya. Tun daga ruga har Garwa, da kwanan da suka yi a masauki, da komawa, Giɗaɗo bai matsa daga gefensa ba, don a ganinsa barin suruki shi kaɗai rashin ladabi ne. Hamajoda kuwa bai buɗe gorar a gabansa ba.

Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Da na sani, da na sake gwajin a ranar, a sa masa ƙarin ruwa, mu jira. Hoton ba gudu zai yi ba."

Likita ya ce ba za a ɗora wa allurar laifin duka ba, sukari da ƙwayoyi da ƙishirwa sun riga sun ci rabin ƙodar, kuma yawancin masu irin wannan sukan farfaɗo cikin mako biyu. Hantar ta warke sarai. Ƙodar ba ta dawo ba.

Na je gadonsa na ce, "Hamma, na gani ban faɗa ba."

"Abin da na ce, shi ka faɗa," in ji shi. "Tafinta ne kai, ba boka ba."

Tun daga ranar, in za a yi tambayoyin nan, nakan fitar da duk mai rakiya waje, suruki ne ko ɗa, ko ransa zai ɓaci. Shekara biyu na ƙara na ajiye aiki.

Shanun suna hannun Giɗaɗo yanzu. Hamajoda yana Garwa, a ɗaki guda a gidan ƙanen matarsa, ana kai shi wankin ƙoda Litinin da Alhamis.