Tambaya ta Huɗu

Shekarar da muka ci kofin ƙwallo a gida, gari ya kwana uku yana ihu, a ita na zauna jarrabawar farko a rayuwata, ina da shekara arba'in da shida.

Dako nake yi a kasuwar Adjamé tun ina saurayi, gwiwoyina kuma sun fara ƙin buhu. Shekara biyu ina zuwa ajin manya bayan la'asar a unguwar Williamsville. Malamarmu ce ta ji wani sito na shinkafa a Treichville yana neman mai tsaron ƙofar kaya, aikin zaune, amma sai an yi tes. Ta rubuta sunana.

"Baba, na san halinka," in ji ta. "In tambaya ta ƙi, tsallake ta. Ba matarka ba ce."

'Yan aji suka yi ta dariya, har da ni.

Ranar jarrabawar, aka ba mu takarda mai tambaya talatin, aka ce minti arba'in da biyar. Uku na farko na wuce su lafiya. Ta huɗu zane uku ne masu kusurwa uku-uku, lamba a kowace kusurwa kamar duwatsun murhu, wata a tsakiya. Na farko: uku a sama, huɗu a hagu, biyu a dama, goma a ciki. Na biyu: biyar, biyu, uku, ciki bakwai. Na uku: shida, uku, huɗu, ciki babu komai.

Ni hatimi na sani tun makarantar allo, inda komai tarawa ne. Na tara na farko, tara ya ba ni. Na ce to ana ƙara ɗaya. Na gwada a na biyu, sha ɗaya ya fito, ba bakwai ba. Na juya: uku sau biyu, a ƙara huɗu, goma. Har na yi murmushi. Na biyu ya sake ƙaryata ni, sha bakwai. Na ji maganar malama a kunnena sarai, amma ban taɓa ajiye buhu a rabin hanya ba. Na goge, na sake, har takardar ta fara hujewa.

Can sai ta buɗe. Na sama sau na hagu, a cire na dama. Sha biyu ba biyu, goma. Goma ba uku, bakwai. Sha takwas ba huɗu. Na rubuta sha huɗu a hankali, da kyau. Ina ɗaga kai mai tsaron jarrabawa ya ce a ajiye biro.

Ya dubi takardata, ya ce da Faransanci: "Tsoho, wannan tambayar, mutane kaɗan ke cin ta. Sauran fa, ka bar wa wa?"

Na miƙa masa takardar, na fita. A mota zuwa Adjamé na yi ta kallon ruwa daga kan gada.

Tambaya huɗu na ci. Na rasa ashirin da shida da ko karanta su ban yi ba, da yinin dako guda, da aikin.