Ɗan Albarka

Alhaji Zubairu yana da shagon magani a Talata Mafara, kuma bai taɓa ɗaukar ma'aikaci ba sai ya tambayi inda mutum ya baro. Ni ya ɗora wa wannan aikin, don na yi digiri. Ya koya mini in tambayi aikin da mutum ya riƙe da dalilin barinsa, sannan ko za su sake ɗaukarsa.

Da Sufyanu ya nemi aikin sito, na kira tsohon maigidansa, Malam Misbahu na Bakura.

"Sufyanu? Kai, ɗan albarka! Ga ladabi, ga gaisuwa, sahun gaba a masallaci."

"Malam, me ya sa ya bar ku?"

"Rabo ne ya ƙare, ɗana."

"Za ku sake ɗaukarsa?"

"Ai Allah ya haɗa shi da inda ya fi."

Na koma da murna na ce wa Alhaji an yabe shi ƙwarai. Muka ɗauke shi. Kafin damina ta wuce, alluran da ake ajiyewa a firji sun lalace, don Sufyanu kan kashe firjin ya sa cajin wayoyin abokansa. Alhaji ya ce in maimaita masa hirar da na yi da Malam Misbahu.

"Ya ambaci sito ko sau ɗaya?"

"A'a, Alhaji."

"To dattijon Bakura ba zai ɓata ɗan mutane a waya ba. Da ya koma zancen masallaci, ya gama ba ka amsa."

An sallami Sufyanu, ni kuma aikina yana rawa har yau. Jiya wani mai shago daga Maradun, wanda na nemi aiki a wurinsa, ya kira Alhaji yana tambaya a kaina. Ina tsaye na ji Alhaji ya ce, "Kai, yaro ne mai ladabi."