Layi Na Ɗari Da Ashirin

Babana ya koyi kwamfuta yana da shekara hamsin da bakwai. Malamin lissafi ne a wata sakandare a Rogo, kuma shi ke haɗa sakamakon jarrabawar ɗalibai kowane zango, da hannu, da jan biro da rula. Wajen ƙarshen shekarun casa'in aka kawo wa makarantarsu kwamfuta guda ɗaya da injin buga takarda mai ƙarar nan, aka ajiye su a wani ɗaki mai taga ɗaya. Matasan malamai suka leƙa suka fita. Shi ya nemi mabuɗin.

Ni kuwa a lokacin ina aure a Karaye, ina koyarwa, bayan na yi karatun kwamfuta a Kano. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Uwata yake kirana. Tun ina ƙarama shi ke duba aikina. Ban taɓa duba nasa ba.

Wata ranar Laraba da hantsi direban motar haya da ke zirga-zirga tsakanin Rogo da Karaye ya kawo mini ambulan. Wasiƙa ce bugun inji, shafi biyu. Bayan doguwar gaisuwa, da tambayar maigidana da yara, Baba ya rubuta cewa ya tsara wani shiri da harshen kwamfuta na BASIC wanda zai riƙa tara makin kowane ɗalibi a darussa tara, ya fitar da matsakaici, ya faɗi wanda ya ci da wanda ya faɗi. Ya ce, “Yana aiki, amma amsar da yake ba ni ba ta kwanta mini ba. Na kwafo shi na liƙa a nan ƙasa. Ki duba mini idan kin sami sarari.”

Na zauna a bakin gado na karanta. Shirin kwamfuta jerin umarni ne, layi bayan layi, kuma Baba ya ba kowane layi lamba, goma, ashirin, talatin. Aikin a tsabtace yake kamar allonsa na aji. Sunayen da ya ba ma'ajiyan lissafi duk da Hausa ne: SUNA, MAKI, JIMLA. Ya sa bayani a kan kowane sashe. Na yi ta murmushi ni kaɗai har na kai layi na ɗari da ashirin, inda aka rubuta:

120 IF JIMLA / 9 >= 40 THEN

A nan ya tsaya. An ce idan matsakaicin ya kai arba'in, sai a yi kaza, amma ba a faɗi kazan ba. Ƙasa da shi sai ga “Wassalam, mahaifinki.” Ba shafi ne ya ɓace ba ke nan. Wajen kwafowa ne ya yi wa rabin shirin alama ya bar rabi, bai lura ba.

Akwai abubuwan da ba ni da ikon cewa komai a kansu. Ya buɗe zagayen da zai bi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, ban ga inda ya rufe shi ba. Ya tura kwamfutar zuwa layi na ɗari biyar, ni kuma babu layi na ɗari biyar a hannuna. Ko da na buga abin da ya aiko a wata kwamfutar, ba zai tashi ba.

Amma akwai abu ɗaya da idona ya tsaya a kai. A layi na arba'in ya mayar da JIMLA sifili, kafin a shiga zagayen ɗalibai. Sau ɗaya ke nan za a yi hakan. Idan ba a sake share ta ba, makin ɗalibi na farko zai hau kan na biyu, na biyun ya hau kan na uku, har na ƙarshe ya tashi da makin ajin gaba ɗaya. Sai dai ana iya share ta a ƙasan zagayen, daf da a koma kan ɗalibi na gaba, kuma ƙasan zagayen shi ne ba ni da shi. Wataƙila ya yi hakan a can. Mutumin da ya shekara talatin yana koyar da lissafi, zan rubuta masa cewa ya manta da sifili, sannan ya zamana bai manta ba?

Da maigidana ya dawo daga aiki na nuna masa. Bai san kwamfuta ba, amma ya san Baba.

Ya ce, “Ki faɗa masa abin da kika gani mana. Ki ce idan ya riga ya gyara a ƙasa, shi ke nan.”

Na ce, “A makaranta an hana mu yanke hukunci a kan rabin shiri. Sai ka ga duka.”

“To ki haɗa biyun. Ki faɗi naki, ki nemi sauran.”

Na ce masa zai fi kyau in yi aikin sau ɗaya, cikakke. Gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Ina jin nauyin gyara wa Baba, ina kuma tsoron in yi kuskure a gabansa a karo na farko da ya nemi sanina. Washegari na yagi takarda daga littafin darasi na rubuta gaisuwa layi uku, sannan na ce: “Baba, shirin ya yanke a layi na 120. A aiko da sauran, sai in duba gaba ɗaya.” Na ba direban. Ban ce aikin ya yi kyau ba. Na ajiye wannan ma sai sauran ya zo.

Mako ya wuce. Muna tsakiyar jarrabawa a tamu makarantar, ƙaramin ɗana kuma yana fama da zazzaɓi. Sau biyu na ga direban a tasha, ya ce Malam bai ba shi komai ba. Na ce a raina zan leƙa Rogo idan an yi hutu.

Rana ta goma sha biyu, bayan la'asar, ƙanin Baba ya zo a kan babur. Ya ƙi zama. Ya ce Baba ya faɗi a makaranta wajen azahar, an kai shi asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye kuma bakinsa ya ƙi magana. Hawan jini ne, wanda ya daɗe da shi yana wasa da magani.

Na same shi kwance, idonsa biyu. Ya gane ni. Ya ɗaga hannun hagu na riƙe, ya yi ta motsa baki, ba abin da ke fita sai wani sauti guda. Na ce, “Sannu Baba. Ga ni na zo.” Inna, mahaifiyata, tana zaune a ƙasa kan tabarma, ba ta ɗago ba.

Sai a kwana na uku, muna wanke kwanuka a tsakar gida, ta ba ni labari. Ta ce ranar da takardata ta iso ya karanta ta a tsaye, ya juya bayanta ya duba ko akwai wani rubutun, sannan ya ninke ya sa a aljihu.

“Na tambaye shi me kika ce. Ya ce, ‘Ba ta ce komai ba. Ko kwafowar ma ban iya ba.’ Na ce ya sake aika miki. Ya ce a'a, ba zai kai miki shirme sau biyu ba, sai ya gano matsalar da kansa.”

Ta ce tun daga ranar, da zarar an tada janareta a makaranta sai ya shige ɗakin nan, ba ya fitowa sai an kashe. Abincin rana ma a kwano yake dawowa.

Ba ta faɗa don ta zarge ni ba. Likitan ma ya ce ciwon ya daɗe yana zuwa, kuma zai iya zuwa ko yana kwance a gida. Na yarda da shi. Amma na san yadda Baba ya yi kwanakinsa goma sha biyu na ƙarshe da lafiya, kuma na san takarda ɗaya ta isa ta canja su.

Shugaban makarantar ya zo gaisuwa, cikin jin nauyi ya ce sakamakon zango yana cikin kwamfutar kuma babu wanda ya san kanta. Na karɓi mabuɗin. Ɗakin akwai zafi. A kan teburin na tarar da takardu cike da lissafin Baba na hannu, ya tara makin ɗalibai da jan biro yana gwadawa da abin da injin ya buga. Na farko daidai. Na biyu ya zarce. Wani yaro can ƙasa ya tashi da matsakaicin da ya haura dubu. Baba ya zagaye lambar, ya sa alamar tambaya. Daga abin da ya rubuta a gefe na gane cewa yana zargin rabawa da tara ne, da kuma sashen da ke layi na ɗari biyar. Ya sake rubuta sashen nan har sau huɗu, alhali lafiyarsa ƙalau.

Na buɗe shirin na gangara ƙasa da layi na ɗari da ashirin. Ya rufe zagayensa daidai. Komai yana wurinsa. Babu inda ya sake share JIMLA.

Na mayar da layi na arba'in ya zama na hamsin da biyar, ya faɗa cikin zagayen. Ban taɓa wani abu ba. Na shigar da makin aji ɗaya, injin ya buga, na gwada da jan bironsa, suka yi daidai tun daga na farko har na ƙarshe. Gyaran bai ɗauke ni minti ɗaya ba. Na kifa kaina a kan teburin na yi kuka har mai janareta ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce mai ya kusa ƙarewa.

Da yamma na je asibiti na kai masa takardar da injin ya buga. Na riƙe ta a gaban idonsa na ce, “Baba, shirinka ne ya buga wannan. Layi ɗaya kawai na matsar.” Na nuna masa wanne, na faɗa masa dalili. Ya daɗe yana kallo, sannan ya lumshe ido ya ɗan girgiza kai kamar yadda yake yi idan ɗalibi mai ƙoƙari ya yi ƙaramin kuskure. Na ce masa aikin ya fi na yawancin waɗanda muka yi karatu tare tsabta. Ban san ko ya yarda ba. Mara lafiya kowa na faɗa masa magana mai daɗi, kuma ya san haka. Ban iya gaya masa cewa tun a Karaye na ga layin ba.

An sallame shi bayan mako uku. Ya yi wata biyar a gida, muna juya shi, muna ba shi kunu da cokali, maganarsa ba ta dawo ba. Ya rasu ranar wata Asabar da safe, da damina, aka kai shi kafin azahar. Makarantar ta ci gaba da amfani da shirin har zango shida, kafin kwamfutar ta lalace. Duk ƙarshen zango nakan hau mota in je Rogo in shigar musu da maki, in kwana wajen Inna, in dawo.