Gyambon Kunnen Ɗayyabu

Ɗayyabu Tanko shekararsa talatin da takwas, yana da mata ɗaya da 'ya'ya uku, kuma shekara tara ke nan yana shanya fatu a wani kamfanin jima da ke Challawa. Zabiya ne. Iyayensa duka baƙaƙe ne, kowannensu na ɗauke da ƙwayar gadon abin bai sani ba, ta haɗu a kansa. Jikinsa ba ya yin sinadarin da ke ba fata da gashi da ido launi, wanda kuma shi ne ke tare wa fata zafin rana. Ba ciwo ne da ake ɗauka ba. Amma a kamfanin biskit ɗin Sharada, inda ya fara aiki, sati biyu kawai ya yi, aka ce masu saye ba za su so ganin hannunsa a kan kwali ba.

A Challawa ma da ya zo, Malam Idi, mai raba wa ma'aikata aiki, ya ga yadda yake kai takarda har bakin hanci kafin ya karanta, idanunsa na rawa. Ya ce, "Ba zan sa ka a inji ya cinye maka hannu ba. Je ka filin shanya." Don tausayi ya yi. Filin nan kuwa ba inuwa ko ta sanda, tun hantsi har la'asar.

Kafin ya shekara wuyansa ya yi kaushi, leɓensa ya tsage. Ya sayi malafa, abokan aiki suka sa masa suna Bature Mai Shanu. Ya ajiye ta ya koma hula, wadda ba ta rufe kunne.

Bara bayan Babbar Sallah wani ƙurji ya fito masa a saman kunnen dama. Ya yi ɓawo, ya ɓare, ya sake yi. Wata bakwai bai warke ba, bakin ƙurjin ya yi tauri, yana jini in ya shafa ruwan alwala. Samson, ɗan Filato da suke ɗaukar fatu tare, shi ya tsare shi.

"Bature, kunnen nan fa ya fi fatar da muke jima wari."

"Bakinka ne ke wari, yana kusa da hancinka."

"Na yarda. Amma ka je asibiti, don Allah."

Likitar fata ta daɗe tana duba wurin, ta laluba ƙasan muƙamuƙinsa ko akwai kaluluwa. Ta ce rana ce ta yi shekaru tana ƙona wurin, kuma tana tsoron dajin fata ne. Za a yanki ɗan kaɗan a auna. In shi ne, aka cire da wuri, yawanci ana warkewa; in aka bar shi, yana ci ya shiga ciki. Ta rubuta masa man kariya daga rana, ta ce ya koma malafa da riga mai dogon hannu.

Kalmar daji kaɗai ya kawo gida Kumbotso. Mahaifiyarsa, Inna Amina, ta ajiye tsintsiyar hannunta.

"Daji? Kuma ƙarfe za su sa maka? Daji ba ya son allura, ba ya son wuƙa. Ana taɓa shi yake watsuwa. Ka manta kawunka?"

Bai manta ba. Kawun nan nasa zabiya ne shi ma, manomi, an yi masa aiki a kumatu ya rasu bayan wata huɗu. Abin da Inna ba ta faɗa ba shi ne shekara uku ya yi yana shafa garin magani, sai da gyambon ya kai faɗin tafin hannu aka kai shi asibiti.

"Inna, ku bari a auna kawai."

"Ban yarda ba. Akwai mai magani a Dorayi."

Sati shida yana shafa garin Dorayi. Kullum da safe matarsa Badi'a takan ɗaga kunnen ta duba. Ran nan ta ɗauko ƙwayar wake ta kara a jikin gyambon.

"Baban Sauda, wancan watan waken nan ya rufe shi. Yau bai rufe ba."

Ɗayyabu ya kasa karya kumallo. Tsoron wuƙar yake ji, domin shi ma da maganar nan ta daji ba ya son wuƙa ya tashi, kuma bai taɓa ƙetare maganar Inna ba. A filin shanya ranar, duk bayan ɗan lokaci sai ya kai hannu ƙasan muƙamuƙinsa yana lalube.

Ranar Talatar da ta wuce ya nemi izini wurin Malam Idi, ya hau adaidaita shi kaɗai. An yi masa allurar kashe zafi, an yanki abin da za a yanka, an ce ya dawo bayan sati uku ya ji sakamako. Daga asibitin bai tsaya ko'ina ba sai ɗakin Inna. Ya durƙusa, ya cire hularsa, ya nuna mata filastar.