Muntari Mai Bakin Majigi

Idan ka shiga Ƙofar Rini ka ce kana neman labarin Malam Muntari, za a tambaye ka wanne, domin suna da yawa. Amma ka ce Muntari Mai Bakin Majigi, tsofaffi za su yi murmushi. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni Rahmatu na fi kowa sanin inda sunan ya samo asali. Mutane na cewa don daɗin muryarsa ne. Muryar da daɗi kam, amma ba ita ce labarin ba.

Mahaifinmu Baba Ladan baduku ne, mai aikin jar fata. Hannunsa kullum rine yake da karan dafi, har cikin farce. Yaya Muntari shi ne ɗan farinsa, kuma ka san yadda abin yake a wajenmu. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "yaron ga" ko "wancan", ko da kuwa wancan ɗin ya tara gemu. Ba su haɗa ido, ba su doguwar hira. In Baba na da saƙo sai ya ba ni in kai, alhali mutumin yana zaune a zaure ɗaya da shi. Da aka zo ɗibar yara makarantar boko, Yaya aka bayar, ya yi karatu ya dawo malamin elemantare. Mutum ne mai sanyi har yana ba ni haushi. Ni in abu ya dame ni sai unguwa ta ji, shi kuwa sai ya haɗiye ya ce Allah ya kyauta.

A gidanmu tasar wanke hannu ɗaya ce. In an kai tuwo zaure sai a cika ta da ruwa a ajiye gaban Baba, ya tsoma hannu ya cuɗa, ya tura wa ƙanensa. Daga nan ta bi girma girma, ta ratsa masu taya shi aiki, ta zo kan Yaya, sannan ta ƙare a kan jikoki. Kafin ta kai ga na ƙarshe ruwan ya yi ja ya yi kauri. Ba wanda ya ɗauki wannan ƙazanta. Ladabi ne, har ana cewa yaro na samun albarkar manya. Wata damina gudawa ta shigo unguwa ta ɗauke Tukur, ɗan farin Yaya, yana ɗan shekara biyar. Da yake ɗan fari ne, Yaya bai yi kuka a gaban kowa ba. Ni na yi nawa na yi nasa. Ya rage masa Hayatu, shi ne kuma ya gaji zama na ƙarshe a layin tasa.

Bayan sojojin Bama sun dawo gida, sai ofishin lafiya na En'e ya samu wani fim na wanke hannu da za a nuna wa 'yan makaranta. Ba hoton mutane ba ne, zane ne da ke motsi, kuma ba ya magana. Dole a samu wanda zai rubuta bayanin da Hausa, ya tsaya gefen allo ya karanta yayin da hoto ke tafiya. Baturen lafiya ya ba da takardar bayanin da Turanci, aka ce a ba Malam Muntari tunda ya san kan yara.

Ya ɗauka aikin yini ɗaya ne. Ya fassara takardar tsaf, ya tafi wurin Siddiƙu mai injin majigi, suka toshe tagogin wani ɗaki da tabarmi suka kunna. Kafin Yaya ya kai rabin jimlar farko, hoton ya wuce na gaba. Siddiƙu ya kwashe da dariya.

"Malam, majigi ba ya jiran kowa. Kai kana sallama, shi ya kai ga bankwana. Rage surutu."

Haka suka yi ta yi, Siddiƙu na mayar da faifai baya yana ƙorafin mai, Yaya na yanke magana. Ya gane cewa abin da ido ya gani ba sai baki ya maimaita ba. In yaron cikin zane ya ɗauki sabulu, ba amfanin cewa ya ɗauki sabulu, sai dai a faɗi dalili. Ya gwada da 'yan ajinsa kaɗan, ya ga inda suke dariya, ya bar wurin ba magana, domin ba mai jin bayani yana dariya. Da aka nuno ƙwayoyin cuta, an zana su da haƙora da ƙafafu suna rawa a tafin hannu, wata yarinya ta fasa ihu wai aljanu. Sai ya sa gargaɗi kafin su fito: "Abin da za ku gani ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsa, gilashi ne ya kumbura shi." Wurin cuɗa hannu kuwa kalma huɗu ya sa yara su riƙa amsawa tare: tafi, baya, tsakani, farce.

Duk wannan ya yi sauƙi. Inda ya tsaya cik shi ne wurin famfo. A cikin zanen, yaro na murɗa famfo, ruwa ya zubo ya kwashe ƙwayoyin cutar ya tafi da su. Takardar Bature ta ce: buɗe famfo, kada ka wanke a ruwan da wani ya wanke. Famfo a gidan wa? Yaran da zai yi wa magana daga rijiya ake ɗebo musu ruwa. Kashi na biyun maganar kuma, na ruwan da wani ya wanke, ya fi tsaya masa a wuya. Ranar ya dawo gida ya zauna a zaure ya ga jan ruwan nan ya isa gaban Hayatu, yaro ya tsoma hannu ya kai tuwo baki. Yaya ya kasa cin abinci.

Ya same ni a madafa. Ban taɓa ganin idonsa haka ba.

"Rahmatu, in nic ce ma yara ruwan da ubanninsu sunka taɓa ƙazanta na, mi nika koya musu? Kowane zai koma gida shi sha kashi, a ce boko ta lalata ɗiya. In kuma niy yi shiru, Hayatu na nan ƙarshen tasa."

Na ce, "To ka hwaɗa ma Baba mana, bakinka ciwo shikai?"

Ni ma na san maganar banza na yi. Mutumin da bai taɓa tambayar Baba ko ina gajiya ido cikin ido ba, shi ne zai ce masa hannunka na sa wa jikanka cuta? Ga Baba da ya riga ya yanke hukunci cewa mai alwala sau biyar ba ya bukatar hoton Nasara ya koya masa tsabta.

Hayatu ne ya ba shi mafita, shi kuwa bai ma san ya yi ba. Da la'asar Baba na alwala, yaron ya zo ya fizge butar yana tsokanarsa, wai tsoho ya tsufa hannunsa na rawa, bari a taimaka masa kada ya ƙarar da ruwan gida. Baba na zaginsa yana dariya, ya miƙa hannu, yaro na zuba masa. Jika da kaka abokan wasa ne, abin da ɗa ba zai iya furtawa ba jika zai faɗa a yi dariya. Yaya na tsaye bakin ƙofa yana kallon jan ruwa na gangarawa ƙasa yana shigewa cikin rairayi.

Wurin famfon gajere ne, jimla uku kawai yake ɗauka, su ma sai an taƙaita. Ya soke maganar buɗe famfo, ya soke kalmar kada. Ya kai wa Baturen lafiya, ya mayar masa da abin da ya rubuta zuwa Turanci. Bature ya tambaya ina kaka ya fito alhali babu tsoho a cikin zanen. Yaya ya ce babu a zane, amma akwai a kowane gida. Bature ya ce muddin ruwan zubawa ne, kuma akwai sabulu ko toka, ya yarda.

Ranar nuni aka tara yara a babban aji, aka toshe tagogi. Ni ban je ba, amma Hayatu ya kawo mini komai har da kwaikwayon murya. Ya ce da ruwa ya zubo a allo sai Malam, wato Yaya, ya ce: "Ruwan da ke zuba shi ke tafiya da cuta. Butarku ita ce famfonku. Yau kowa ya zuba wa kakansa, sannan ya ce, tsoho, biya ni!"

Da magariba na leƙa ta bayan asabari. Tasa na gaban Baba cike da ruwa. Hayatu ya zo ya kwashe ta ya juye ruwan a gindin bishiyar bedi, ya dawo da ita wayam, da buta da ɗan sabulun salo. Yaya ya sunkuyar da kai kamar wanda ake yi wa shari'a.

"Kai, mi kaka yi?" in ji Baba.

"Tsoho, kawo hannu. Sarauta nika ba ka, yau ba ka wanki da kanka."

Baba ya miƙa. Yaro na zubawa yana ba shi umarni, tafi, baya, tsakani, farce, mutane na dariya. Da ya gama ya ce, "To biya ni." Baba ya karɓi buta ya zuba wa jikansa. Sannan ya daɗe yana duban jan ruwan da ya taru a cikin tasa, dariyar ta bar fuskarsa.

"Wa ya koya maka wanga?"

"Majigi."

"Majigi ba shi da baki," in ji Baba. Ya juya fuska wajen bango, ya yi magana kamar da bangon yake. "Wanda yas sa mishi baki, a tambaye shi. Wanga ruwa na yat tahi da Tukur?"

Yaya bai ɗago ba. Ya ce, "A ce ma Baba Allah kaɗai ya san wannan. Ni dai Hayatu nika ma tsoro."

Baba ya tashi da butar a hannunsa, ya tsallake ƙanensa, ya tsallake masu taya shi aiki, ya tsaya gaban ɗan da bai taɓa kiran sunansa ba.

"Yaron ga, kawo hannu."

Yaya ya yi shekaru yana bin motar majigi, daga Dundaye har ƙauyukan bakin gulbi, yana sa wa zane baki, har sunan ya bi shi kabari. Hayatu ya girma ya ga jikokinsa. Amma ni in aka ambaci Yaya, abin da nake gani shi ne wannan magariba, ya miƙa hannu biyu, ubansa na zuba masa ruwa, shi kuwa yana kukan Tukur a gaban kowa.