Sha Takwas ga Watan Dattijo

Malam Musbahu ya yi shekara goma sha ɗaya yana akawu a wani ofishin ruwan noman rani kusa da Kura. Tafireta biyu ya tsufar a teburin nan.

A Nuwambar 1986 jami'in rabon ruwa ya tafi kwas Zariya. Duk wanda ya aiko neman ganinsa, amsa ɗaya Musbahu ke buga masa: “Jami'i ba ya nan. Zai dawo 17 ga wata. Za a rubuta sunayen masu son ganinsa ranar 18 da 19.” Ya buga kofi arba'in da uku.

Ɗaya ta je hannun Dattijo, manomin alkama daga Bunkure, wanda yake neman a buɗe wa layinsu ruwa kafin lokacin shuka ya wuce. Ya jingine kekensa a ƙofar ofis ranar Juma'a 21.

“Baba, ai an rufe rubuta suna shekaranjiya.”

“Kai Malam, yau sha takwas! Kwana shida da Mauludi, ko ba ku ga wata ba a ofishin nan?”

Musbahu ya dubi kalandar bango, ya dubi tsohon. Shafin sunayen ya cika, mutum talatin. Ya sa shi na farko a makon gaba, alkamar Dattijo ta shiga ƙasa da lattin kwana tara.

Daga ranar har ya yi ritaya, kowace amsa layi uku yake ƙara mata: sunan ranar, kwanan watan Musulunci, da duka saƙon da ajami.