Bugun da ya fi bakina sauri

Lokacin da nake sharhin ƙwallo a wani ƙaramin gidan rediyo a Zinder, shugabanmu ya kafa doka: kada a ƙara jin Turanci a bakinmu. Ya ce manoman ƙauye muke yi wa aiki, ba 'yan boko ba.

Wasu kalmomin ba su ba ni wuya ba. Ofsaid ya zama satar gida, kwana ta zama bugun kusurwa. Fenariti ce ta hana ni sakat. Hausarta ita ce bugun daga kai sai mai tsaron gida, kuma bakin mutum ɗaya ne.

Ranar wani wasan ƙarshe aka tashi kunnen doki, aka je bugun raba gardama. Kafin in kai "mai tsaron", balo ta shiga raga, ihun fili ya riga ni ba da labari. Haka aka yi ta yi har aka tashi, ina biye da wasan kamar mai bin motar Mirriya da ƙafa. Na roƙi shugaba ya yi mini sassauci, ya ƙi.

Da na je Gaffati gaida kawuna, manomin gero da bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, na tarar da shi da rediyonsa a gindin rumbu. Ya dube ni da tausayi.

"Ɗana, ran nan me ya same ka kake ta kewaye-kewaye? Ba fenariti aka buga ba?"